Tambayoyi da amsoshi: yadda kod ɗin shiga zai riƙa iso maka idan ka bar ƙasa ko ka sauya sim

Sana'ata gyaran waya ce a cikin birnin Katsina, kuma duk shekara idan Azumi ya gabato ko an fara jigilar alhazai daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, tambayoyin da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne. Haka ma 'yan kasuwar da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, da mutanen Daura masu ƙetarawa ta Kongolam zuwa Damagaram. Na tattara tambayoyin a nan da amsar da nake bayarwa a shago. Idan na ce kod, ina nufin lambobin nan, galibi guda 6, da banki ko Google ko WhatsApp ke nema bayan kalmar sirri, waɗanda saƙon banki ke kira OTP.

Me ya sa kod ke daina zuwa da zarar na bar Najeriya?

Domin kod ɗin bai san ka ba, bai kuma san wayarka ba. Lambar layinka kawai ya sani. Banki na tura saƙon tes zuwa lambar da ta fara da +234, kamfanin layinka kuma ya nemi inda sim ɗin yake a wannan lokaci. Idan kana Ƙofar Ƙaura, ya same ka nan take. Idan kana Madina, sai sim ɗin ya yi rajista da wani kamfanin can, STC ko Mobily ko Zain, wanda ke da yarjejeniya da kamfaninka, sannan saƙon ya bi ta nan ya iso. Wannan shi ake kira romin. Idan sim ɗin yana cikin jaka, ko a gida cikin durowa, ko yana cikin waya amma bai kama sabis ɗin kowa ba, saƙon zai tsaya a hanya. Ko da ya iso daga baya, kod na 'yan mintuna ne, ya riga ya mutu.

Akwai kuskuren da nake yawan ji: mutum ya ce ai yana da intanet ɗin otal mai ƙarfi, me zai hana saƙo shigowa? Saƙon tes ba ta intanet yake bi ba, ta sabis ɗin sim yake bi. Za ka iya yin hira da gida ta WhatsApp dare da rana alhali layinka na Najeriya a mace yake.

To ta yaya zan tabbatar romin zai yi aiki a layina?

Ka je ofishin kamfaninka ko ka kira 300, wadda tun 2023 ita ce lambar kula da masu hulɗa ta dukkan layukan Najeriya. Ka faɗi sunan ƙasar da za ka, ka tambayi abu uku: shin romin a buɗe yake a layinka, da wane kamfani suke hulɗa a can, kuma nawa suke so ya kasance a cikin layin. Ka rubuta sunan kamfanin can a takarda, zai yi maka amfani. Ka kuma duba da `*996#` cewa layin yana haɗe da NIN ɗinka, don layin da aka rufe saboda rajista ba zai farfaɗo don ka hau jirgi ba.

Bayan ka sauka, ka kashe wayar ka kunna, ka ba ta mintuna kaɗan. Idan ka ga sunan wani kamfani a saman allo, ko ƙaramin harafin R kusa da sandunan sabis, an dace. Idan ba ka gani ba, ka shiga Settings, wajen Mobile network, ka kashe zaɓin kamfani na kai tsaye, ka bar wayar ta lissafo kamfanonin da ke wurin, ka zaɓi wanda aka faɗa maka a gida. Wani lokaci na farko zai ƙi, na biyu ya karɓa.

Sai maganar Data roaming, wadda ke rikita mutane ƙwarai. Wannan maɓalli na intanet ne kaɗai. Ka bar shi a kashe a kan layin Najeriya, saƙon tes zai ci gaba da shigowa. Karɓar tes a waje galibi kyauta ne. Abin da ke cinye kati shi ne data da amsa kira, don a romin har wanda aka kira ana cazarsa. Mutanen Jibiya da Mai'aduwa sun san wannan tun ba yau ba, tunda wayarsu kan kama sabis ɗin Nijar suna zaune a ƙofar gida.

Zan sayi sim a can don data. Ina zan kai nawa na gida? WhatsApp ɗina zai tafi?

Yawancin wayoyin da muke riƙewa masu sim biyu ne, don haka ka bar na gida a gurbi ɗaya, na can a ɗayan, ka saita data da kira su bi ta na can. Idan wayarka sim ɗaya take ɗauka, ka tafi da ƙaramar waya mai tocila ka sa na gida a ciki. A Nijar za ta yi. Amma ka sani wasu ƙasashe sun rufe tsofaffin hanyoyin sadarwa da irin wannan waya ke amfani da su, Amurka misali manyan kamfanoninta sun kashe 3G a 2022, to mai zuwa irin waɗannan wurare ya nemi wayar da ke kama 4G.

WhatsApp kuwa ba ya tafiya. Sau ɗaya yake neman kod, ranar da aka yi masa rajista a wayar, bayan nan ba ruwansa da sim ɗin da ke ciki. Haɗarin yana wajen mai taimako. Za ka miƙa waya a sa maka sabon sim, ya ga kamar gyara ne ya mayar da WhatsApp ɗinka kan lambar +966, lambar da za ta mutu bayan ka dawo gida. Ka faɗa masa tun farko: sim kawai za a sa, kada a taɓa Change number. Kada kuma ka goge manhajar don neman wuri a waya kana can, don sake saka ta na buƙatar sabon kod zuwa layin gida.

Ba zai fi sauƙi in bar layin a gida wajen ɗana ba, in kod ya zo ya turo mini?

Mutane da yawa haka suke yi, kuma yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Amma ka auna. Wanda ke riƙe da sim ɗinka yana riƙe da USSD na bankinka, da hanyar sauya kalmar sirrin kusan duk asusunka. Ɗanka mai amana ne, to abokansa fa, da mai cajin da yake kai wa wayar? Sannan ga matsalar lokaci. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2. Kana tsaye gaban kanti bayan sallar Asuba a Makka, a Daura ƙarfe ukun dare da 'yan mintuna ne, yaro na barci, kod na mutuwa.

Mafi muni, wannan tsari na koya wa gida al'adar tura kod ta WhatsApp. Ranar da ɓarawo ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya rubuto "turo mini lambar da ta shigo yanzu", yaron zai tura ba tare da tunani ba, don abin da ya saba yi ke nan. Idan dole sai an bar layin, a yi ƙa'ida: ba a bayar da kod sai an ji muryar juna a kira.

Mece ce manhajar kod da ake cewa ba ta buƙatar sim?

Wannan ita ce amsar gaskiya ga duk asusun da ya yarda da ita, wato Google da Facebook da Instagram da makamantansu. Manhajoji ne irin Google Authenticator da Microsoft Authenticator. Ranar da ka haɗa ta da asusunka, shafin zai nuna maka hoton QR, ka ɗauka da manhajar. A cikin hoton akwai wani mabuɗi na sirri, wanda daga nan wayarka na da shi, shafin ma na da shi. Duk daƙiƙa 30 manhajar na haɗa mabuɗin da lokacin da agogo ya nuna ta fitar da lambobi 6, shafin ma ya yi lissafi iri ɗaya a nasa ɓangaren. Idan sun dace, ka shiga. Ba a turo maka komai daga ko'ina, shi ya sa take aiki ko babu sim, ko babu data, ko kana cikin jirgi.

A Google, hanyar ita ce `myaccount.google.com`, sai Security, sai 2-Step Verification, sai Authenticator. A Facebook kuwa Accounts Center, sai Password and security, sai Two-factor authentication. Bayan ka gama, ka gwada ta kamar kana can: cire sim, ka hau intanet ɗin wani, ka buɗe asusun a wata wayar ko kwamfuta, ka ga ko kod ɗin manhaja ya shigar da kai.

Tunda lissafin da agogo ake yi, agogo ne ke ɓata shi. Wani ɗan kasuwa da na saita wa manhajar ya kira ni daga Makka ransa a ɓace.

"Malam, abin nan da ka sa mani ya lalace. Sau biyar ina sa lambar yana cewa ba daidai ba."

"Alhaji, ka taɓa agogon wayar?"

"Na gyara shi mana, na ƙara awa biyu don in riƙa sanin lokacin salla."

Nan matsalar take. Ya tura agogo gaba da hannu, amma yankin lokaci na wayar yana nan a na Najeriya, sai manhajar ta riƙa fitar da kod ɗin awa biyu masu zuwa. Na ce ya shiga Date & time ya kunna saitin lokaci da na yankin lokaci su zama na kai tsaye. Agogon ya nuna lokacin Makka daidai, kod ya shiga. Ko kuskuren minti biyu na iya jawo haka, don haka duk lokacin da kod ɗin manhaja ya ƙi shiga alhali ka tabbata ka rubuta daidai, agogo za ka fara dubawa.

Rauninta ɗaya ne: tana cikin waya, idan waya ta tafi ta tafi da ita. Tun 2023 Google Authenticator na iya ajiye mabuɗan a asusunka na Google, su dawo a sabuwar waya. Amma ka lura da tarkon: idan kod ɗin shiga Google ɗin kansa yana cikin manhajar, ka kulle ɗaki ke nan mabuɗi na ciki. Abin da ke warware wannan shi ne tambaya ta gaba.

Mene ne Backup codes, kuma ina zan ajiye su?

Kod ne na ko-ta-kwana da kake karɓa tun kana gida. Google na ba da guda 10, kowanne lambobi 8, kuma kowanne sau ɗaya yake aiki. Suna shafin 2-Step Verification ɗin nan da na ambata. Idan ka nemi sabbi, tsofaffin duk sun mutu, to kada ka danna neman sabbi bayan ka riga ka rubuta na farko. Facebook ma na da nasa, yana kiransu Recovery codes.

Ka rubuta su da biro a takarda biyu. Ɗaya ta bi ka cikin jakar fasfo, ɗaya ta zauna gida wajen wanda ka yarda da shi. Kada ka rubuta adireshin imel ko kalmar sirri a jikin takardar, wanda ya tsince ta ya ga lambobi kawai. Ɗaukar hotonsu a bar shi cikin wayar da ake tsoron ɓatanta ba ajiya ba ce. Wajen shiga, idan aka nemi kod, ka danna Try another way ka zaɓi kod mai lambobi 8, ka soke wanda ka yi amfani da shi.

Banki fa? Shi ma zai karɓi wannan manhaja?

Galibi a'a, banki na da tsarinsa. Ka shiga reshenka da kanka ka tambaya ko suna tura OTP ta imel, ko suna da tokin, wato 'yar na'urar nan mai maɓalli da ke fitar da lambobi, ko irinta ta cikin manhajar banki. Tokin ba ya buƙatar sim, don haka mai yawan tafiya ya mallake shi. Ka tabbatar lambar da ke kan asusunka da wadda ke kan BVN ɗinka ita ce wadda ke hannunka. Na sha ganin mutum yana jiran kod a layin da ya jefar shekara uku da suka wuce.

Kada ka dogara da USSD a waje, wani wuri yana yi, wani wuri ba ya yi. Kuma kada ka sauya waya ana gobe tafiya. Manhajar banki na ɗaure kanta da wayar da aka yi mata rajista, sabuwar waya na nufin sabon tabbatarwa, wani lokaci har sai an je reshe.

A aikace, yaushe zan fara, kuma da me?

Bari in ba da misalin wata Hajiya daga Daura da ɗanta ya kawo shagona kafin Umarar Azumi. Wayarta mai sim biyu ce, tana da WhatsApp, da Gmail da jikanta ya buɗe mata, da asusun banki ɗaya. Saura mata kwana 12.

Ranar farko muka fara da Gmail, sai muka tarar lambar da ke kai ta jikan ce, shi kuma yana makaranta a Zariya. Muka kira shi ya karanto kod, muka sa lambarta, muka ƙara ta ɗanta a matsayin ta biyu. Dalilin farawa da wannan shi ne Google kan ɗauki har kwana 7 kafin ya amince da sabuwar lamba gaba ɗaya, da mun bari sai ana gobe tafiya da ba ta yi amfani ba. Ban saka mata manhajar kod ba. Na dube ta na ga lambobin da ke sauyawa duk rabin minti za su dame ta ne kawai, takardar Backup codes ta ishe ta.

A WhatsApp muka shiga Settings, Account, Two-step verification, ta zaɓi lambobi 6, muka sa imel ɗinta. Na ce mata, "Hajiya, wannan lambar ko ni kada ki faɗa mani." Imel ɗin na da muhimmanci, don wanda ya manta wannan lamba kuma ba shi da imel a kai sai ya jira kwana 7.

Washegari ɗan ya kai ta banki, aka tabbatar da lambarta, aka haɗa imel. Ya kira 300 ya ji maganar romin, ya zuba mata kati. A kwana na 9 suka dawo muka yi gwaji: na cire sim ɗinta, na buɗe Gmail ɗinta a kwamfutar shago, ta karanto kod ɗaya daga takarda da kanta, ya shiga, ta soke shi da biro. Da guda 9 ta tafi.

Zan sauya sim. Akwai abin da ya kamata in yi?

Ya danganta da abin da ake nufi da sauyawa. Idan walkam bak ne, wato sabon sim amma lambarka ta da, ko ƙaura da lamba zuwa wani kamfani, wadda ake yi a Najeriya tun 2013, to babu asusun da za ka taɓa, kod zai bi lambar. Abin lura kawai shi ne akwai ɗan lokacin da tsohon sim ya mutu sabon bai gama tashi ba, kuma bayan ƙaura saƙon wasu wurare kan yi jinkiri. Kada ka yi shi a makon tafiya. Walkam bak galibi na buƙatar kai da kanka da NIN ɗinka, ba abu ne da za a aika yaro ba.

Idan sabuwar lamba ce gaba ɗaya, doka ɗaya ce: tsohon layi ya zauna da rai har sai ka gama kwashe kayanka daga kansa. Kusan kowane wuri zai tura kod zuwa tsohuwar lambar kafin ya yarda da sabuwa. Ka fara da imel, don shi ne ake dawo da sauran ta kansa. Ka sa sabuwar lamba, ka gwada, sannan ka cire tsohuwa. Sai banki da BVN, sai WhatsApp ta Change number, sai sauran. Don gano wuraren da ka manta, ka buɗe akwatin saƙon tes ka bi shi baya, duk sunan da ya taɓa turo maka kod yana da lambarka. Ka riƙe tsohon sim ɗin wata biyu ko uku kana duba abin da ke shigowa.

Karatu zan tafi, shekara biyu. Layina zai jira ni?

Ba zai jira ba sai ka kula da shi. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, idan ya ƙara wasu wata 6 a haka ana iya ba wani lambar. Wanda ya saye ta zai riƙa karɓar saƙon bankinka, kuma zai iya buɗe WhatsApp da ita. Ka sa wa kanka tuni duk wata biyu: a zuba kati daga gida, kai kuma ka tura tes ɗaya daga can. Ka kuma tambayi kamfaninka ko suna da tsarin biyan kuɗi a riƙe wa mutum lamba, MTN na kiran nasa Keep My Number.

Idan aka sace wayar ina can, da sim da komai?

A cunkoson ɗawafi ko kasuwa wannan na faruwa. Kafin tafiya ka sa wa sim ɗin PIN, ta yadda idan aka cire shi aka sa a wata waya ba zai tashi ba. Ka yi hattara wajen sawa: kuskure 3 na kulle shi sai da PUK, lambobi 8 da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure 10 a PUK kuma na kashe sim ɗin har abada. Ka kwafi PUK ɗin a takardarka.

Idan abin ya faru, ka ari waya ka kira gida a sanar da kamfani a rufe layin, a kuma sanar da banki. Lambar mutum biyu na gida da ta bankinka su kasance a rubuce, don yawancinmu ba mu haddace ko ta matanmu ba. Sannan ka shiga Gmail da kod ɗin takarda, ka je Your devices a shafin Security ka fitar da wayar da aka sace. Idan a wayar aro ka shiga, ka fita daga asusun kafin ka mayar da ita. WhatsApp da OTP na banki kuwa, mai yiwuwa sai ka dawo Katsina ka yi walkam bak, saboda haka ka riƙe kuɗin hannu da za su kai ka har ranar dawowa, a wata jaka dabam da wadda wayar ke ciki.